Kafin Abinci Ko Bayan Abinci: Yadda Za Ka Tsara Lokutan Shan Magungunanka

Tambayar da aka fi aiko mini a kwanakin nan ɗaya ce, sai dai kowa da yadda yake furta ta. Wani ya ce an ba shi magani kala huɗu a asibiti, shin zai iya haɗa su duka ya watsa a baki bayan tuwon dare? Wata ta ce ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro har ya ƙare, amma ko wata ba a yi ba zazzaɓin ya dawo, ko jabu aka sayar mata? Jabu yana nan a kasuwa, ban musa ba. Amma sau da yawa idan na bi diddigi, maganin mai kyau ne, lokacin da aka sha shi da abin da aka sha shi da shi ne suka rage masa ƙarfi. Wani maganin abinci ne yake tare masa hanya, wani kuma ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo, wani yana cin bangon ciki idan ya tarar babu komai. Ga yadda za ka bi ka tsara naka, mataki bayan mataki.

Abin da za ka tanada ba shi da yawa: takarda da biro, agogo ko wayar da za ta yi maka ƙararrawa, kofin ruwa babba, da kwalayen magungunan da takardar da ke cikinsu. Idan da maganin zazzaɓin cizon sauro a ciki, ka ƙara da ƙananan ledojin madarar gari ko ƙullin gyaɗa. Kuɗinsu bai kai ko kusa da kuɗin sake sayen maganin karo na biyu ba.

1. Yi tambaya kafin ka bar wurin karɓar magani

A mafi yawan asibitoci da kemis, abin da ake rubutawa a jikin ambulan shi ne yawan ƙwaya da sau nawa a rana, misali 2x3. Maganar abinci ba kasafai ake rubuta ta ba, kuma layi yana da tsawo, mai ba da magani yana sauri. Kada ka ji nauyin tsayar da shi. Ɗauki kowane magani ɗaya bayan ɗaya ka tambaya: wannan kafin abinci ne ko tare da abinci? Akwai abin da bai kamata in haɗa shi da shi ba? Abin da ya faɗa ka rubuta a jikin ambulan ɗin nan take, domin kafin ka isa gida za su cakuɗe maka.

A nan ne kuma za ka faɗi duk abin da kake sha a gida, har da maganin ƙarin jini, da farin maganin olsa na ruwa, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Mutane ba sa ɗaukar waɗannan a matsayin magani, alhali su ne suka fi hana wasu magungunan aiki.

Gargaɗi: kada ka yarda a zube maka ƙwayoyi a leda ɗaya ba suna. Maganin da ba ka san sunansa ba, ba yadda za ka tsara masa lokaci.

2. Rubuta lokutan cin abincinka na gaskiya

Kafin ka sa wa magani lokaci, rubuta lokacin da kake karin kumallo, da na abincin rana, da na dare. Na gaskiya nake nufi, yadda gidanku yake ci. Idan ba ka karyawa sai ƙarfe 11, to 11 za ka rubuta.

Sannan ka riƙe ƙa'ida ɗaya da duk sauran bayanin ya rataya a kanta. Idan aka ce a sha magani ciki babu komai, ana nufin awa ɗaya kafin cin abinci, ko awa biyu bayan an gama ci. Dalilin shi ne yawancin magunguna ba a tumbi suke shiga jini ba, sai sun gangara ƙaramin hanji. Idan tumbi babu komai, ƙwaya da ruwa suna wucewa da wuri. Idan ya cika, maganin zai zauna tare da abincin yana jiran a niƙa shi, yana jiƙe a cikin ruwan tsamin ciki. Abinci mara nauyi yakan ragu sosai cikin awa biyu, amma tuwo da miya mai mai da nama yana iya kai awa uku zuwa huɗu, don haka bayan irin wannan cin gara ka ƙara jinkiri.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar cewa abin sha ba abinci ba ne. Koko abinci ne, kunu abinci ne, fura da nono abinci ne, shayi da madara ma haka. Wanda ya sha kofin koko da asuba, cikinsa ba fanko ba ne. Ruwa zalla kaɗai ne ba ya shiga lissafi.

Idan kuma aka ce tare da abinci, ana nufin a tsakiyar ci ko da zarar an gama, ba bayan awa ɗaya ba.

3. Fara sa wa masu son ciki babu komai lokaci

Da waɗannan ake farawa saboda su ne masu wuyar samun gurbi. Na fi ganin guda huɗu a hannun mutane.

Amfikulos, wanda ake yawan bayarwa don maruru da gyambo, haɗin amfisilin ne da kulokzasilin, kuma abinci yana rage yawan abin da ke shiga jini daga dukkansu biyu. Ana shansa sau huɗu a rana, kusan kowace awa shida, ciki babu komai. Mutane da yawa suna shansa sau biyu ko uku bayan abinci, sai su ce ba shi da ƙarfi. Ɗan'uwansa amoksisilin kuwa bai damu da abinci ba, ko ka ci ko ba ka ci ba yana shiga yadda ya kamata. Sunayen sun yi kama, ɗabi'ar ta bambanta, shi ya sa na ce sai ka san sunan.

Omefirazol na olsa da ƙwannafi ana shansa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Aikinsa toshe ƙananan famfunan da ke zubo ruwan tsami a tumbi, kuma ya fi kama su a lokacin da suke aiki. Cin abinci ne yake tayar da su. Saboda haka ana so maganin ya riga ya shiga jini kafin loma ta farko, ya tarar da su suna buɗewa. Wanda ya sha shi da dare lokacin kwanciya, ko ya sha da safe ya ƙi karyawa har rana, bai ci cikakkiyar moriyarsa ba. Kuma ba irin maganin da ake sha don ciwo ya lafa nan take ba ne, yana ɗaukar 'yan kwanaki kafin ya kai ƙarfinsa.

Magungunan tarin fuka, waɗanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, ana shan su da sassafe kafin karin kumallo, domin abinci yana rage shigar rifamfisin da isoniyazid. Jinyar takan kai wata shida, kuma ragi kaɗan kullum na tsawon wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, wannan launin rifamfisin ne, ba jini ba ne.

Na huɗu shi ne lebotairoksin, na masu ƙarancin aikin ƙullin maƙogwaro. Da ruwa zalla ake shansa, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karyawa, kuma a nisanta shi da maganin ƙarin jini ko na kalsiyam da awa huɗu.

Gargaɗi: idan maganin tarin fuka yana tayar maka da zuciya har kana tunanin dainawa, kada ka daina. Faɗa wa ma'aikacin cibiyar. Shan sa da ɗan abinci mara maiƙo ya fi tsallake shi nesa ba kusa ba.

4. Masu son abinci, da irin abincin da kowanne yake so

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne maganin da kusan kowane gida yake saya yake, wato haɗin atemita da lumefantirin na zazzaɓin cizon sauro, wanda ake gani da sunaye irin su Coartem, Lonart da Amatem a jikin kwali.

Magani biyu ne a ƙwaya ɗaya, kowanne da aikinsa. Atemita yana shiga da sauri ya kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar, shi ne yake sa ka ji sauƙi a rana ta farko ko ta biyu, amma ba ya daɗewa a jiki. Lumefantirin shi ne yake zama kwanaki yana share ragowar. Shi kuma ba ya narkewa a ruwa sosai, sai da maiƙo. Idan abinci mai maiƙo ya shiga hanji, matsarmama tana zubo ruwanta, wannan ruwan ne yake taimaka wa maganin ya narke ya ratsa zuwa jini. Bambancin ba kaɗan ba ne, abin da ke shiga jini tare da maiƙo yana ninka na cikin da babu komai sau da yawa. To ga abin da yake faruwa: mai zazzaɓi bakinsa ɗaci, ba ya son abinci, sai ya haɗiye maganin da ruwa ko lemon kwalba ya kwanta. Atemita ya yi nasa aikin, jiki ya yi sauƙi, kowa ya ce magani ya yi. Bayan mako biyu zuwa huɗu ragowar ƙwayoyin da ba a share ba sun hayayyafa, zazzaɓi ya dawo.

Abin farin ciki shi ne ba maiƙo mai yawa ake buƙata ba. Kofin madara mai maiƙonta, ko kindirmo, ko kunun gyaɗa, ko ƙosai biyu zuwa uku, ko ɗan ƙullin gyaɗa, ko 'yan lomomin tuwo da miyar da aka sa wa mai, kowanne ya wadatar. Koko zalla da sukari ba shi da maiƙon a-zo-a-gani, sai an zuba masa madara. Jaririn da ke shan nono a ba shi nono bayan maganin, nonon uwa yana da maiƙon da ake buƙata.

Babban mutum mai nauyin kilo 35 zuwa sama yana shan sau shida cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare na kwana biyu masu zuwa. Kowane sha ƙwaya huɗu ne idan mai 20/120 ne, ko ƙwaya ɗaya idan mai 80/480 ne. Duk shidan suna buƙatar maiƙo, har da na ƙarshe da ake sha bayan an ji sauƙi.

Gargaɗi: ba duk maganin zazzaɓin cizon sauro ne yake son maiƙo ba. Wanda yake ɗauke da faiferakwin, kamar P-Alaxin, akasin haka ne. Abinci mai maiƙo sosai yana sa faiferakwin ya yi yawa a jini, wanda kan iya taɓa bugun zuciya, don haka da ruwa ake shansa, nesa da cin mai maiƙo. Karanta sunan abin da ke ciki, kada ka ɗauki hukuncin wannan ka ɗora wa wancan.

Sai masu son abinci don kare ciki. Ibufurofen, dikulofenak, firoksikam da asfirin, waɗanda masu aikin ƙarfi suke sha don ciwon jiki, suna rage kariyar da bangon tumbi yake yi wa kansa. A sha su bayan an ci abinci sosai. Amma ina so a fahimci iyakar wannan: abinci yana rage zafin ciki da tashin zuciya, ba ya hana olsa ga wanda yake shan su kullum, domin ta cikin jini ma suna yin ɓarnar. Mai olsa ya guje su, ko da ya ƙoshi. Farasitamol ba ya cikin wannan rukuni, ana iya shansa ko an ci ko ba a ci ba. Metronidazol, wanda aka fi sani da filajil, da firednisolon su ma tare da abinci ne. Haka firazikwantel na tsargiya da ake raba wa 'yan makaranta, a tabbata yaro ya karya kafin ya sha.

Na ƙarshe su ne magungunan ciwon suga, kuma dalilinsu biyu ne daban. Metfomin ana shansa a tsakiyar ci ko da an gama don ya rage tashin zuciya, kumburin ciki da zawo. Gilibenkilamid kuwa yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko abinci ya zo ko bai zo ba. Ana shansa dab da karin kumallo, kuma wanda ya sha dole ne ya ci. Idan ka san ba za ka samu abinci ba, kada ka sha shi ka fita. Alamar suga ya faɗi ita ce karkarwa, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, jiri da rikicewar magana. A ba mutum ƙananan cokula uku zuwa huɗu na sukari a ruwa nan take, sannan abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

5. Raba waɗanda ba sa jituwa da madara, shayi da farin maganin olsa

Wannan wani nau'in ne dabam. Matsalar ba cikar ciki ba ce, wasu sinadarai ne suke kama maganin su ƙulle shi a hanji, ya fita da bayan gida ba tare da ya shiga jini ba. Sinadaran su ne kalsiyam na madara da nono da kindirmo, da ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini, da maginiziyam da alminiyam na farin maganin olsa, da zink.

Sifurofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa don taifod da ciwon mafitsara, yana kan gaba. Ana iya shansa da abinci na yau da kullum, amma ba a kora shi da madara ko fura da nono. Tsakaninsa da farin maganin olsa ko na ƙarin jini, a sha sifuro awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Wannan haɗin yana faruwa kullum ba a lura ba: an ba mutum sifuro, an ƙara masa da maganin ƙarin jini saboda ya rame, ya haɗiye su tare safe da dare. Tetarasaikilin ma haka yake, kuma shi ciki babu komai yake so. Dokzisaikilin yana jure abinci, har ma an fi son a sha shi da abinci don tashin zuciya, amma a raba shi da ƙarfe da farin maganin olsa. Masu shan maganin ƙanjamau mai ɗauke da dolutegirabiya su faɗa wa asibitinsu idan an ba su maganin ƙarin jini ko na kalsiyam, domin shi ma ana kama shi ta wannan hanya.

Shi kansa maganin ƙarin jini, irin ƙananan ƙwayoyin nan da ake ba masu juna biyu a wurin awo, babban abokin gabarsa shayi ne. Kofin shayi yana iya rage fiye da rabin ƙarfen da zai shiga jiki, kofi da madara ma suna ragewa. Ya fi shiga idan ciki babu komai kuma aka bi shi da lemon zaƙi ko wani abu mai bitamin C. Idan yana sa ki tashin zuciya, ki sha da ɗan abinci, amma ki bar tazarar awa biyu tsakaninsa da shayi.

Gargaɗi: baƙin bayan gida ga mai shan maganin ƙarin jini ba abin tsoro ba ne. Amma baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, ga mai shan dikulofenak ko ibufurofen, alamar zubar jini ce a ciki. A daina maganin a tafi asibiti ranar.

6. Yadda ake haɗiyewa

Cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye. Ba kurɓi ɗaya ba, kuma ba da yawu ba. Dokzisaikilin musamman, idan ya maƙale a hanyar abinci yana ƙona wurin, mutum ya wayi gari da zafin ƙirji yana kasa haɗiyar ko ruwa. Bayan shansa kada a kwanta sai an yi aƙalla minti 30. Kada a tauna ko a daka ƙwayar da aka lulluɓe don ta wuce tumbi ko don ta riƙa sakin magani a hankali, haka 'yan ƙwayoyin da ke cikin kafson omefirazol ba a tauna su.

7. Misali: magani huɗu a hannun mutum ɗaya

Mu ɗauki wata mata mai shekara 45, nauyinta kilo 62, tana shan metfomin 500 safe da dare, da ƙwayar ƙarin jini ɗaya a rana. Ta je asibiti da zazzaɓi, gwaji ya nuna na cizon sauro ne, ga kuma maruru a cinya. Aka ba ta atemita da lumefantirin mai 80/480, da amfikulos 500 sau huɗu a rana. Gidansu suna karyawa ƙarfe 8 da shayi da burodi, abincin rana ƙarfe 2, tuwon dare ƙarfe 8. Ta dawo gida wajen ƙarfe 1 da rabi na rana.

Za mu fara da amfikulos tunda shi ne mai wuya. Kowace awa shida, kuma nesa da abinci: ƙarfe 6 na safe bayan sallar asuba, ƙarfe 12 na rana, ƙarfe 6 na yamma, da 12 na dare. Duba kowanne. Na asuba ya riga karin kumallo da awa biyu. Na 12 ya zo awa huɗu bayan karyawa, awa biyu kafin abincin rana. Na yamma awa huɗu bayan abincin rana, awa biyu kafin tuwo. Na dare awa huɗu bayan tuwo. Duka sun zauna ba tare da an taɓa lokacin cin abincin gidan ba. Sharaɗin kawai shi ne kada ta ci komai awa biyu kafin kowane sha da awa ɗaya bayansa. A ranar farko za ta fara da na 6 na yamma.

Maganin zazzaɓin ba a jinkirta shi. Za ta sha na farko ƙarfe 2 tare da abincin rana, ko da lomomi kaɗan ta iya ci, in dai da mai a miyar. Na biyu bayan awa takwas, wato ƙarfe 10 na dare. A lokacin tuwon ƙarfe 8 ya yi nisa, don haka za ta dama kofin madara ta sha da shi. Madarar ƙarfe 10 ba ta shiga hakkin amfikulos na 12 ba, awa biyu cif ne tsakaninsu. Kwana biyu masu zuwa sai ta mayar da shi 8 na safe da 8 na dare. Da safe ta tabbata da madara sosai a shayin, ko ta ƙara da ƙosai ko ƙwai.

Metfomin yana nan inda yake, 8 na safe da 8 na dare, a tsakiyar ci. Babu laifi ya haɗu da maganin zazzaɓin a zama ɗaya.

Saura ƙwayar ƙarin jini. Ta saba shanta da safe da shayi, wato ta daɗe tana asarar babban kaso ba ta sani ba. Za mu mayar da ita ƙarfe 4 na yamma bayan la'asar, awa biyu bayan abincin rana, da ruwa da ɗan lemon zaƙi, awa biyu kuma kafin amfikulos na 6. Wannan canjin ya kamata ya zauna ko bayan ta warke.

Sai ta rubuta jadawalin a takarda ta manna a inda za ta riƙa gani, ta sa ƙararrawa a waya don na 10 da na 12 na dare, tana yi wa kowanne alama idan ta sha.

Gargaɗi: idan mai shan metfomin ya kamu da amai ko zawo mai yawa har ba ya iya riƙe ruwa, ya tuntuɓi likita a ranar, domin sau da yawa ana dakatar da shi har jiki ya dawo da ruwansa.

8. Idan tsarin ya karkace

Idan aka yi amai cikin awa ɗaya da shan maganin zazzaɓin cizon sauro, a sake shan cikakken kason, sannan a sayo ƙari don a cika shida ɗin. Idan aman ya ƙi tsayawa, maganin baki ya daina amfani, allura ake buƙata a asibiti. Ga sauran magunguna, kada ka maimaita da kanka sai ka tambaya, musamman na suga da na hawan jini.

Idan mara lafiya ya kasa cin komai sam, a ba shi maganin zazzaɓin a kan lokacinsa duk da haka, a ci gaba da gwada masa madara kurɓi-kurɓi. Ragin ƙarfi ya fi rashin sha. Wannan sassaucin bai shafi gilibenkilamid ba.

Idan ka yi mantuwa har ka riga ka ci abinci kafin maganin da ke son ciki babu komai, jira awa biyu ka sha. Idan ka manta da sha ɗaya gaba ɗaya kuma lokacin na gaba ya kusa, tsallake wanda ya wuce, kada ka ninka.

9. Watan azumi

Azumi yana matse komai cikin dare, kuma kusan duk daren cikin mutum a cike yake. Masu son abinci ba su da matsala, sai a raba su tsakanin buɗa-baki da sahur. Masu son ciki babu komai suna da gurbi biyu: ko dai a tashi da wuri a sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko a sha lokacin kwanciya, awa biyu bayan cin ƙarshe. Omefirazol ya fi dacewa da kafin sahur, ko kuma a buɗe baki da shi da ruwa, a yi sallar magariba, sannan a ci abinci mai nauyi.

Maganin da ake sha sau uku ko huɗu a rana, kamar amfikulos, ba ya shiga tsakanin magariba da asuba. Kada ka haɗa kaso biyu a sha ɗaya. Ka nemi likita ya canza maka zuwa wanda ake sha sau ɗaya ko biyu idan akwai, in babu kuma ciwon na buƙatar magani yanzu, akwai rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya ya sha ya rama. Mai shan gilibenkilamid ko allurar insulin ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, domin kason da ya saba sha da safe idan ya sha shi da sahur yana iya kayar masa da suga da rana tsaka, kuma yawanci sai an mayar da babban kason zuwa buɗa-baki ko an canza maganin gaba ɗaya.